Fastar Bincike: Yadda Ake Tsara Ta Don Mai Karatu a Tsaye

Duk wanda ya taɓa shiga zauren jami'a a ranar baje kolin binciken ɗalibai ya san yadda wurin yake kasancewa. An jera alluna sahu-sahu, kowane ɗalibi yana tsaye gefen fastarsa cikin kaya masu kyau, malamai da baƙi suna tafe suna waige hagu da dama. Ga hayaniya, ga zafi, ga alƙalan gasa riƙe da takardun maki suna duba agogo, domin fastoci da yawa ke jiransu. A irin wannan wuri ake karanta fasta. Mai karatun a tsaye yake, tsakaninsa da allon akwai taku biyu ko uku, kuma cikin ɗan abin da bai kai minti ɗaya ba zai yanke shawarar ko ya matso ko ya wuce.

Na sha ganin ɗalibin da ya yi aiki mai kyau ƙwarai, ya kwashe watanni yana awo da ƙirga, amma ranar baje koli babu wanda ya tsaya wurinsa. Idan ka duba fastar sai ka ga dalili. Ya ɗauko kundin bincikensa mai shafi sittin, ya kwafe gabatarwa da bitar ayyukan magabata da hanyar bincike da teburori shida, ya matse su duka a kan takarda ɗaya da ƙananan baƙaƙe. Kundi ana karanta shi ne a zaune, a natse, da biro a hannu. Shi kuwa mai yawo a zaure, da ya hango bangon rubutu sai ƙafarsa ta ci gaba da tafiya tun kafin ya yi tunani.

Domin maganar ta zauna sosai, bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daga farko zuwa ƙarshe. Mu ƙaddara wata ɗalibar tsangayar aikin gona ce a ajin ƙarshe, ta yi bincike a kan ajiyar wake. Ta zuba wake iri ɗaya a mazubi iri uku: buhun gargajiya, da jarka mai murfi da aka toshe, da buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, yana hana iska shiga har ƙwarin su kasa rayuwa. Kowane iri ta yi shi sau huɗu. A ranar farko, da kuma bayan wata biyu, da wata huɗu, da wata shida, tana ɗibar ƙwaya ɗari daga kowane mazubi ta ƙirga waɗanda ƙwari suka huda. Alƙaluman da zan ambata nan gaba na misali ne kawai, na tsara su domin bayani.

Jimla ɗaya kafin a buɗe kwamfuta

Aikin farko ba na kwamfuta ba ne. Ɗalibar za ta ɗauki takarda ta rubuta abin da ta gano cikin jimla ɗaya, irin wadda za ta iya faɗa wa ƙanenta a gida ya gane. A misalinmu jimlar ita ce: bayan wata shida, ƙwari sun huda wake 62 cikin 100 a buhun gargajiya, amma 4 kacal a buhu mai ninki uku. Idan jimlar ta ƙi rubutuwa, to matsalar ba ta tsarin fasta ba ce tukuna, ɗalibar ce ba ta gama tantance abin da bincikenta ya ce ba, kuma gara ta koma wurin malamin da ke duba aikinta su warware wannan kafin ta ɓata kuɗin bugu.

Sau da yawa ɗalibi yana da sakamako uku ko huɗu, kuma ransa ba ya son barin ko ɗaya. Ita ma wannan ɗalibar ta auna nauyin waken, ta auna danshinsa, ta gwada ko zai tsira idan aka shuka. Duk aiki ne na gaske. Amma taura biyu ba ta taunuwa. Sakamako ɗaya ne zai zama jigo, ɗaya ko biyu su mara masa baya da ƙaramin wuri, sauran kuma su zauna a kundi da kuma bakin ɗalibar, ta fito da su idan an tambaya. Ai ba a kafa fasta a tafi a bar ta ba. Mai ita yana tsaye a gefe, kuma rabin bayanin daga bakinsa zai fito.

Wannan jimlar ce za ta hau saman fastar. A nan akwai 'yar matsala, domin sassa da yawa suna buƙatar a sa taken binciken kamar yadda aka yi masa rajista, kuma irin waɗannan taken dogaye ne, suna farawa da kalmomi irin su nazari a kan tasirin kaza a kan kaza. Idan haka dokar take, a bi ta. Sai a sa taken a sama, a sa jimlar sakamakon ƙarƙashinsa da manyan baƙaƙe a cikin wani fili na musamman, yadda mai wucewa zai karanta ta ko bai tsaya ba. A shekarar 2019 wani ɗalibin digirin digirgir a Jami'ar Jihar Michigan, Mike Morrison, ya fitar da bidiyo yana kira da a sauya tsarin fastocin bincike gaba ɗaya: a ba jimlar sakamako babban filin tsakiya, a tura sauran bayanai gefe, a sa lambar QR ga mai son ƙarin bayani. Tsarin ya yaɗu a taruka da dama. A ganina ya yi gaskiya kan jimlar, amma filin da ya ba ta ya yi yawa ga ɗalibin da alƙalai za su tambaya yadda ya yi awo. Gara jimlar ta ci layi biyu, babban filin kuma a bar wa zanen da ke tabbatar da ita.

Sai maganar girman takarda, wadda ake tambayar masu shirya taro tun da wuri: nawa ne faɗin allon, kuma a tsaye ake so ko a kwance? Girman da aka fi amfani da shi shi ne A0, wato santimita 84.1 a faɗi da 118.9 a tsayi. Wasu wuraren A1 suke so, wadda take rabin A0, santimita 59.4 da 84.1. Masu buga bana a kasuwa kuwa da ƙafa suke awo, kuma ƙafa uku da huɗu ya ɗan ɗara A0 kaɗan. Yawancin ɗalibai da PowerPoint suke tsarawa, kuma ya wadatar, muddin an saita girman shafin kafin a sa ko harafi ɗaya. Ana shiga Design, sai Slide Size, sai Custom Slide Size, a rubuta faɗi da tsayi. Wanda ya tsara fastarsa a kan ƙaramin shafin da manhajar ke buɗewa da shi, ya ce mai bugu zai faɗaɗa masa, zai karɓi hotuna a miƙe kamar an ja roba, domin siffar shafin da ta takardar ba ɗaya ba ce.

Da an saita shafi, sai a raba shi. Fasta a tsaye kaso biyu ya ishe ta, ta kwance kuma kaso uku, kowane kaso yana saukowa daga sama zuwa ƙasa kamar kunyar gona. Idan ɗalibarmu ta bar santimita 3 a kowane gefe da santimita 3 a tsakiya, kowane kaso zai sami kimanin santimita 37, wanda ke ɗaukar kalma goma sha biyu ko kusa da haka a layi. Layin da ya fi wannan tsawo yana sa ido ya ɓata wurin dawowa. Mai karatu zai fara daga sama ta hagu, ya sauko, ya koma saman kaso na biyu. Amfanin wannan tsari a zaure mai cunkoso shi ne mutum yana gama kaso ɗaya sai ya matsa dama, na bayansa ya shiga wurinsa, ba sai sun yi ta gittawa gaban juna ba. Gefunan akwatunan rubutu su daidaita a layi ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu ta zama iri ɗaya. Kada a ji tsoron farin fili. Shi ne yake nuna wa ido inda wani sashe ya ƙare, wani ya fara.

Game da yawan rubutu, shawarata ita ce kalma ɗari uku zuwa ɗari biyar a dukan fastar. Da wuya ɗalibi ya ji wannan bai ce ya yi kaɗan ba, amma dubi yadda yake isa. Gabatarwa jimla uku: wake abinci ne kuma hanyar kuɗi ce, ƙwari suna lalata shi a ajiya, manoma kan sayar da wuri ko su zuba magani. Tambayar bincike jimla ɗaya. Hanyar bincike kuwa, maimakon sakin layi biyu, sai hoton mazuban uku a jere da ɗan rubutu ƙarƙashin kowanne, da layi ɗaya mai cewa an maimaita sau huɗu, an ƙirga ƙwaya ɗari duk wata biyu. Bayan sakamako sai jimla biyu ko uku kan abin da yake nufi ga manomi, da jimla ɗaya kan iyakar binciken, misali cewa iri ɗaya na wake aka gwada a ɗaki ɗaya. Alƙalai suna girmama wannan jimlar ta ƙarshe fiye da yadda ɗalibai suke zato. Manazarta biyu ko uku da ƙananan baƙaƙe a ƙasa sun wadatar.

Girman baƙaƙe ana auna shi da lambar da ke jikin manhaja, kuma lamba 72 daidai take da inci ɗaya. A kan A0, take ya kasance tsakanin 80 da 100, kanun sassa wajen 44, jikin rubutu 28 ko 30, kuma kada wani abu da ake so a karanta ya sauka ƙasa da 24. Salon rubutu ɗaya ko biyu sun isa, marasa ado irin su Arial ko Calibri, baƙi a kan fari ko a kan launi mai haske. Hoton gona ko na ginin jami'a a bayan rubutu yana da kyau a fuskar kwamfuta, amma a kan takarda cinye baƙaƙen yake yi.

Zanen alƙaluma, inda aka fi yin kuskure

A nan ne ya kamata ɗalibi ya fi ɓata lokaci, domin zanen alƙaluma, wanda ɗalibai ke kira giraf, shi ne hujjar dukan fastar. Ɗalibarmu tana da awo 48: mazubi iri uku, sau huɗu kowanne, a lokuta huɗu. A kundinta sun zama babban tebur mai lambobi irin 61.75, da ƙananan haruffa a kafaɗar kowace lamba masu nuna bambancin ƙididdiga. Mutum a tsaye ba zai iya kwatanta lambobi goma sha biyu a kansa ba. Tun da tambayar ita ce yadda ɓarna take ƙaruwa da tafiyar lokaci, abin da ya dace shi ne zane mai layi uku: watanni a kwance, yawan waken da aka huda a tsaye. Layin buhun gargajiya zai yi ta hawa har ya kai 62, sauran biyun kuma su kwanta a ƙasa, jarka a 6, buhu mai ninki uku a 4. Daga taku uku ma ana ganin labarin. Wannan zanen ya cancanci ya ci kashi ɗaya cikin huɗu na fastar ko fiye, a daidai tsayin ido, ba can ƙasa inda sai an durƙusa ba.

Amma zanen da Excel ke bayarwa kai tsaye bai isa hawa fasta ba. Lambobin gefensa ƙanana ne, 9 ko 10, an yi su ne domin takardar ofis. Ɗalibi zai girmama jikin rubutunsa zuwa 30, ya manta da na cikin zane, sai a ga fasta mai manyan baƙaƙe da zanen da ba a iya karanta ko lamba ɗaya a jikinsa. Dole rubutun cikin zane ya kai 24 bayan an ɗora shi a kan fastar, kuma layukan su yi kauri. A goge layukan ado na baya in ban da biyu ko uku, a guji zane mai tudu da inuwa, domin yana karkatar da tsawon sanduna.

Sannan a rubuta sunayen abubuwa da sunansu. A ɗakin gwaji ɗalibar ta saba kiran mazubanta T1 da T2 da T3, har ta manta cewa ita kaɗai ta san ma'anarsu. A kan fasta sai ta rubuta buhun gargajiya, jarka, buhu mai ninki uku, kowane suna a ƙarshen layinsa, da launin layin. Hakan ya fi a tara sunayen cikin ƙaramin akwati a gefe, inda ido zai yi ta kai da komowa yana neman wane launi ne na wa. Gefen tsaye na zanen ya faɗi abin da aka auna da ma'auninsa: waken da aka huda cikin ƙwaya 100. Lamba 61.75 ta zama 62, domin ƙwaya ɗari aka ƙirga, ɗigon bai ƙara gaskiyar komai ba. Idan akwai 'yan sandunan da ke nuna bambancin awo a kan kowane ɗigo, a faɗi a ƙasan zanen abin da suke wakilta da yawan maimaici, saboda ita ce tambayar farko da malamin ƙididdiga zai yi. Kan zanen kuma ya zama jimla mai faɗin abin da za a gani, kamar a ce ɓarna ta yi ta hawa a buhun gargajiya kaɗai, maimakon a rubuta zane na ɗaya kawai.

Akwai wani kuskure da ya fi waɗannan nauyi, domin ya shafi gaskiya. A ce ɗalibar ta so ta kwatanta jarka da buhu mai ninki uku da zanen sanduna, 6 da 4. Idan ma'aunin gefe ya fara daga sifiri, sandar jarka za ta fi ɗayar da rabi, kuma haka abin yake. Idan kuwa ya fara daga 3, sandar jarka za ta yi tsawon gida uku, ɗayar gida ɗaya, sai mai kallo ya ɗauka ɓarnar jarka ta ninka sau uku. Manhaja kan yi irin wannan yanka da kanta idan lambobi sun kusanci juna, ɗalibi bai lura ba. Don haka duk zanen sanduna a duba tushensa, a tabbata daga sifiri ya tashi.

Launi kuma kada ya wuce biyu ko uku, kuma abu ɗaya ya riƙe launinsa a duk zanukan fastar. Akwai mutane, galibinsu maza, da idonsu ba ya bambance ja da kore sosai, saboda haka shuɗi da ruwan lemo sun fi aminci. Ya fi kyau ma a ƙara wata alama bayan launi, wannan layi a miƙe, wancan a yanke-yanke, ta yadda ko injin bugu ya sauya launukan ba za a ruɗe ba.

Hotuna suna da lissafinsu mai sauƙi. Hoto an gina shi ne da ƙananan ɗigogi da ake kira fiksil, kuma domin ya fita tsaf a fasta ana son kimanin fiksil 60 a kowane santimita. Hoton waken da ƙwari suka huda, idan za a buga shi da faɗin santimita 25, yana buƙatar fiksil wajen 1,500 a faɗi. Kyamarar waya ta yau tana ba da fiye da haka nesa. Inda ake asara shi ne wurin turawa: hoton da aka aika ta WhatsApp a matsayin hoto ana matse shi, idan kuma aka ɗauki hoton fuskar waya aka sake turawa sai ya ƙara lalacewa. A tura shi ta zaɓin Document, ko a kwafe shi da kebul. Tambarin jami'a da aka ɗauko daga intanet mai fiksil 200 ba zai wuce santimita uku da 'yan kai ba kafin ya fara dishi-dishi, don haka a nemi mai kyau a sashe. Kuma idan za a ɗauki hoton ƙaramin abu kamar ƙwayar wake, a ajiye rula a gefensa, mai kallo ya san girmansa.

Kafin a biya kuɗin bugu akwai gwajin da ba ya cin fiye da kuɗin takarda ɗaya. Faɗin A4 kashi ɗaya ne cikin huɗu na faɗin A0, haka ma tsayinta. Saboda haka idan aka buga fastar gaba ɗaya a kan A4, aka riƙe ta a tazarar rabin mita, daidai yake da kallon babbar daga mita biyu. Rubutu mai lamba 24 zai koma 6 a ƙaramar takardar. Duk abin da ido ya kasa karantawa a nan, ba zai karantu a zaure ba. Sai ɗalibar ta miƙa wannan takarda ga wata ƙawarta da ke wani fannin dabam, ta ba ta rabin minti, ta karɓe, ta tambaye ta me binciken ya gano. Idan ƙawar ta ce buhu mai ninki uku ya kare wake, aiki ya yi. Idan ta ce wani abu ne dai a kan wake, sai a koma a rage rubutu a girmama zane.

A kai wa mai bugu fastar a matsayin PDF, ba fayil ɗin PowerPoint ba. Idan kwamfutar shagon ba ta da salon rubutun da aka yi amfani da shi, za ta musanya shi da wani, layuka su zame, rubutu ya hau kan hoto. Masu rubuta fasta da Hausa su ƙara lura, domin haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, su ne suka fi saurin komawa 'yan akwatuna ko su fito da wani salo dabam. A buɗe PDF ɗin a shagon, a girmama shi zuwa 100%, a bi take da sunaye da lambobin zane ɗaya bayan ɗaya a gaban mai bugun, a kuma gaya masa kada ya ja hoton domin ya cike faɗin leda.

Yawancin shagunanmu a kan ledar bana suke bugawa, wadda ake kira fleks. Tana da arha, ba ta yagewa, kuma tana jure tafiya a bayan babur. Sai dai an yi ta ne domin a hange ta daga nesa, ƙananan baƙaƙe da siraran layuka ba sa fita a kanta da kaifi kamar a takarda, kuma tana ƙyalli idan hasken taga ko fitila ya bugo ta. Wanda zai buga a fleks gara ya ƙara wa ƙaramin rubutunsa girma, ya nemi a buga masa ɗan yankin da zane yake ya gani tukuna. A yi bugun da kwana biyu ko uku kafin ranar, saboda wuta kan ɗauke, inji kan tsaya, kuma a jajibiri dukan 'yan aji a shago ɗaya suke taruwa. A naɗe fastar, fuskar rubutu a waje domin ta kwanta a allo idan an warware, kada a ninke ta. Fleks tana da nauyi, salatif ɗin takarda ba ya riƙe ta a zafi, don haka ɗalibar ta tambaya tun da wuri ko allon na katako ne ko mai laushi, ta sa ƙananan ƙusoshin allo da faffaɗan salatif a jakarta.